Yaro mai kunya: a fara da aboki ɗaya

Shawara gare ku iyaye da malamai: kada ku tura yaro mai kunya cikin taron yara kai tsaye. Ku fara da yaro ɗaya tak, mai sanyin hali.

Ku zaunar da su kusa da juna, kowa da takardarsa da fensirin kalarsa. Ba sai sun yi magana ba. Minti 10 ya isa.

Idan ya saba, ku ba su kwalin fensiri ɗaya su riƙa amfani da shi tare. Dole hannu ya miƙa, dole a karɓa. Daga nan ku koma mirgina ƙwallo a ƙasa, wannan ya tura, wancan ya mayar. Wasan yana da sauƙi a gare shi domin ya san abin da zai biyo baya, kuma idonsa na kan ƙwallo, ba kan fuskar kowa ba. Abin da ya fi tsorata irin waɗannan yara shi ne a zuba musu ido.

Sai ya fara dariya ko magana da kansa za ku ƙara yaro na uku.

Ku lura da jikinsa. In ya sandare, ko ya maƙale muku, ko ya ce cikinsa na ciwo, kun yi sauri. Ku koma matakin baya, ban da faɗa. Don Allah kada ku ce "ai kunya gare shi" a gabansa.

Dabarar ba ta aiki idan yana jin yunwa ko barci, ko abokin mai ƙwace ne. In kuma yana surutu a gida amma ya wuce wata guda bai ce uffan a makaranta ba, ku kai shi wurin likitan yara.