Yadda ake kulle faifan kwamfuta lokacin saka Debian

Kafin ka fara, ka sani cewa zaɓin da za ka yi zai goge duk abin da ke kan faifan. Kwashe kayanka tukuna.

Idan ka iso wurin rarraba faifai, zaɓi "Guided - use entire disk and set up encrypted LVM", ka nuna faifan da kake so. Daga nan manhajar za ta bi faifan tana rubuta bayanan da ba su da ma'ana don shafe tsohon sawu. Wannan yakan ɗauki lokaci, ka yi haƙuri.

Sai a nemi kalmar sirri sau biyu. Haɗa kalmomi biyar ko shida marasa alaƙa da juna. Ni dai ina guje wa ƙ, ɗ da ɓ a nan, domin lokacin tashin kwamfuta mai yiwuwa tsarin madannai ya bambanta, ka yi ta bugawa tana ƙi.

To, ga inda haɗarin yake. Tsarin kullen, wato LUKS, ba shi da ƙofar baya. Kalmarka ce ke buɗe ainihin makullin da ke ajiye a kan faifan, in ta ɓace ba wani mai gyara da zai fito maka da ko hoto ɗaya. Sai dai a goge a sake sabon lale.

Saboda haka rubuta kalmar sirrin a takarda, ka adana nesa da kwamfutar. Da zarar an gama saka Debian kwamfutar ta tashi, gano ɓangaren da aka kulle da `lsblk -f`, wanda aka rubuta wa `crypto_LUKS`. A ce `/dev/sda3` ne, sai ka ƙara kalmar sirri ta biyu, ko da ta farkon za ta ɓace:

```
sudo cryptsetup luksAddKey /dev/sda3
```

Za a tambaye ka tsohuwar kalmar kafin a karɓi sabuwa. Sake kunna kwamfutar ka gwada sabuwar nan take.