Yadda ake matse maudu'i ya koma tambayar bincike a furojet ɗin shekarar ƙarshe

Yawancin firofozal ɗin da sufabaiza ke mayarwa da jan biro, matsalarsu ɗaya ce: ɗalibi ya kawo abin da yake sha'awa, bai kawo tambaya ba. Sai ka ga an rubuta "Asarar amfanin gona bayan girbi a Najeriya". Wannan ko ma'aikatar gona ba za ta gama shi a zangon karatu ɗaya ba. Da shi za mu yi misali.

Fara da yanke abu uku: wane amfani, a ina, a hannun wa. Asarar masara a rumbu daban take da ta tumatir a kwando, don haka zaɓi ɗaya. A ce tumatir. Wuri kuma kada ka ce Jihar Kano, ka ce kasuwar Kwanar Gafan da ke Garun Malam, inda ake loda tumatirin noman rani na yankin Kadawa zuwa Kudu. Sannan manomi ne, ɗan kasuwa mai lodi ne, ko mai kasawa a tebur? Kowannensu inda yake asara daban. Mu ɗauki masu lodi.

Yanzu mayar da shi jimla mai alamar tambaya. Ni ba na karɓar kalmar "tasiri" a nan, domin a bayanta ɗalibi ke ɓuya idan bai san abin da zai auna ba. Gara kwatanci: "Shin tumatirin da aka zuba a kwandon roba ya fi na kwandon gargajiya isa kasuwa lafiya?" Kwandon gargajiya ana ɗora wani kan wani a mota, na ƙasa ya matse, kwandon roba kuwa gefensa ne ke ɗaukar nauyin na sama. Ka ga akwai dalilin yin tambayar.

A nan ne mafi yawa ke faɗuwa, saboda tambayar ta yi kyau a takarda sai su ruga su buga. Dakata. Ɗauki takarda ka rubuta ainihin abin da za ka auna, da wurin da za ka tsaya ka auna shi. Tumatir ba a Kwanar Gafan yake ruɓewa ba, a hanya yake lalacewa, kuma sai an sauke a kasuwar Mile 12 ta Legas ake ganin ɓarnar. Kana da kuɗin bin tirela har Legas? Mai kaya zai bari ka zazzage masa kwando ka ware ruɓaɓɓe ka ɗora a sikeli? Idan amsar a'a ce, abin da zai rage maka shi ne ka tambayi mutum "kashi nawa kake asara?", shi kuma ya ba ka ƙiyasin da ya zo masa a baki. Ranar kare furojet za a tambaye ka inda lambar ta fito, ka rasa ta cewa.

Mafita biyu ce. Ko ka gajarta hanyar, ka bi kayan da ake kaiwa kasuwar 'Yankaba a cikin Kano, ka sayi 'yan kwanduna da kuɗinka ka auna, sai dai tafiyar gajeriya ce, bambancin na iya fitowa kaɗan. Ko ka juya tambayar zuwa abin da mutanen ke iya amsawa da bakinsu: "Waɗanne dalilai ne ke hana masu lodin tumatir a Kwanar Gafan amfani da kwandon roba?" Wannan na fi so, kuma ya fi araha. Farashin kwandon, kuɗin dawo da shi fanko daga Kudu, ɓacewarsa a hanya, da sabon da masu saye suka yi da ciniki a kan kwandon gargajiya, duk abubuwa ne da ɗan kasuwa ya sani sarai. Kafin ka rubuta komai, je kasuwar sau ɗaya ka gaisa da shugabannin 'yan kasuwa, ka gwada tambayar a kan mutum biyar. Idan suka ce "ai ba wannan ce damuwarmu ba", kuɗin mota kawai ka kashe.

Duba kalanda ma. Kasuwar ta fi cika a watannin rani, wajen Janairu zuwa Maris. Idan lokacin tattara bayananka ya faɗo a damina, za ka tarar da rumfuna ba mutane.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Leƙa ɗakin karatun sashenku ka tabbatar wani bai yi irinsa a wannan kasuwa ba. Fasa tambayar gida uku, kowane gida ya zama manufa ɗaya, kada su wuce haka. Take shi ne na ƙarshe, ka ciro shi daga tambayar, ka sa sunan kasuwar da shekarar.