Kurakuran da aka fi yi wajen hana data sabunta kanta

Ka sa kati da safe don ka kira wani, ko lambar ba ka gama dannawa ba sai ga saƙo ya shigo: an sabunta maka datar mako, an cire kuɗin. Kai kuwa ka yi imani tun makon jiya ka rabu da wannan tsarin. Yawanci idan aka bi diddigi, sai a tarar mutum ya yi wani abu da ya ɗauka sokewa ne, alhali umarnin sabuntawar yana nan daram.

Tushen mafi yawan kurakuran shi ne rashin sanin inda umarnin yake zaune. Ba a cikin wayarka yake ba. Yana can cikin kwamfutocin kamfanin layi, a rubuce a kan lambarka, kuma a ɗaure da takamaiman tsarin da ka saya. Shi ya sa kashe data a waya ba ya hana komai. Cire sim a ajiye a aljihu ma haka, goge manhajar kamfanin ma haka. Ranar da wa'adin ya cika, kwamfutar za ta leƙa asusunka, in ta ga kuɗi ta ɗebe, ko da wayar a kashe take.

Daga nan ne dabarar da ta fi yaɗuwa ta samo asali, wato barin layi ba ko sisi har ranar sabuntawa ta wuce. Wani lokaci tana aiki, shi ya sa mutane suka amince da ita. Amma akwai kamfanonin da idan cirewar farko ta ci tura sukan sake gwadawa na ɗan lokaci, don haka katin da ka sa washegari shi zai tafi. Ni a ganina wannan dabara ta fi kowace wahalarwa, domin tana tilasta maka zama ba kuɗin kira saboda abin da minti biyu ya isa ka kawar.

Sokewa ta gajeriyar lamba tana da nata tarkon. Idan ka danna lambar da ke farawa da * ta ƙare da #, wayarka tana buɗe wata 'yar gajeriyar tattaunawa ce da kamfanin, kuma tattaunawar tana da ƙayyadadden lokaci. Ka tsaya karanta jerin zaɓi a tsanake, ko sabis ya yi rauni, sai ta yanke. Mutane da yawa sukan kai matakin da aka rubuta wani abu kamar "Cancel auto-renewal", su zaɓa, su ga allo ya canza, su mayar da waya aljihu. Alhali sau da yawa akwai sauran tambaya guda: ka tabbata? Danna 1. In ba ka amsa ta ba, babu abin da ya sauya. Gyaran shi ne ka fara bin jerin sau ɗaya don ka gane hanya, sa'an nan ka sake dannawa ka bi da sauri har ƙarshe, kuma kada ka ɗauka an gama sai saƙon tabbatarwa ya shigo. Kada ka goge saƙon nan. Shi ne hujjarka idan aka sake cire kuɗi.

Ga misalin yadda abin yake cakuɗewa. A ce mutum yana da waya mai sim biyu. A layinsa na biyu ya sayi datar wata ta 10GB ranar 3 ga wata, da ta kusa ƙarewa ya ƙara ta mako ta 1.5GB ranar 20, kuma duka biyun ya karɓi zaɓin farko da aka nuna masa, wato mai sabuntawa, ba tare da ya karanta ba. Ranar 25 ya tuna, ya danna lambar sokewa. Wayar an saita ta tana fitar da kira ta sim na farko, don haka can umarnin ya tafi, aka amsa masa cewa ba shi da wani tsari mai sabuntawa, ya ji daɗi. Ranar 27 aka sabunta ta mako. Ya sake gwadawa, wannan karon ta sim ɗin da ya dace, ya soke ta makon, saƙo ya zo. Farkon wata mai zuwa sai ga ta watan ta sabunta kanta, domin kowane tsari da nasa umarnin, soke ɗaya ba ya taɓa ɗayan. Da ya karanta saƙon tabbatarwar da kyau, da ya ga sunan tsarin mako kaɗai aka ambata. Abin da ya kamata ya yi tun farko shi ne ya duba ragowar datarsa ta layin da abin ya shafa, ya ƙirga tsare-tsare nawa ne ke gudana, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma masu kwafo lamba daga wani tsohon rubutu ko daga bakin aboki mai wani layin daban. Lambobin nan sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ana sauya su. A Najeriya, misali, hukumar kula da harkokin sadarwa ta NCC ta daidaita su a 2023: *312# don tsare-tsaren data, *323# don duba ragowar data, *305# don dakatar da ƙarin hidimomi irin su waƙar kira da saƙonnin labarai, 300 don kiran masu kula da abokan hulɗa. Lura da cewa hidimomin nan daban suke da data. In kuɗinka yana raguwa kaɗan-kaɗan kullum, wataƙila ɗayansu ce ke ci, kuma soke sabunta data ba zai tsayar da ita ba. Toshe saƙonnin talla shi ma wani abu ne can daban.

Manhajar kamfani ta fi sauƙi saboda tana jera maka duk abin da ke gudana a shafi guda, ba kuma ta yankewa don ka yi jinkiri. Amma ka duba lambar da ke saman shafin, domin manhaja ɗaya tana iya ɗauke da layuka da dama, har da na wanda ka taɓa saya wa data. Bayan ka kashe maɓallin "Auto-renew", fita ka sake shigowa ka ga ko ya zauna a kashe. Idan intanet ta katse a daidai lokacin, yakan koma yadda yake. In kuma da katin banki ka biya aka ajiye bayanansa, to sabuntawar tana iya zuwa ta banki, ka tarar kuɗin kiranka yana nan lafiya amma asusun banki ya ragu.

Sokewa ba ta ƙwace datar da ka riga ka biya. A ƙa'ida za ka ci gaba da amfani da ita har wa'adinta ya cika, don haka babu dalilin jira sai daren ƙarshe. Abu biyu dai ka sani. A kamfanonin da ke tura ragowar data zuwa sabon zagaye, sharaɗin yawanci shi ne ka sabunta a kan lokaci, don haka in ragowar tana da yawa ka shirya saye da hannunka kafin ta ƙone. Na biyu, idan tsarin ya ƙare kuma data tana kunne a wayar, wasu layukan sukan koma cin kuɗin kira kai tsaye, a farashin da ya fi na tsari tsada nesa ba kusa ba. Nan ne kashe data a waya yake da amfani.

Ranar da za ka sake saye, tsaya ka karanta allon ƙarshe kafin ka danna. Nan ake tambayarka ko sau ɗaya kake so, wanda ake rubutawa "One-off", ko mai sabuntawa. Sokewar da ka yi a baya ta tsohon tsarin ce kawai, in ka sake zaɓar mai sabuntawa umarnin ya dawo sabo.