Yadda ake tantance gajeren rubutun da ya halatta a fayil ɗin majiyyaci

Duk shekara idan ɗalibai da sababbin likitoci suka shigo ɗakunan kwanciya a nan Gombe, abin da suke fara kwaikwaya wurin manya shi ne gajarta kalmomi, tun kafin su iya auna hawan jini da kyau. Gajartawa ba laifi ba ce, domin wanda ya duba mutum hamsin kafin azahar ba zai rubuta komai dalla-dalla ba. Sai dai akwai wadda take rage aiki, akwai wadda take kai majiyyaci ga halaka, kuma ga yadda nake raba su.

Da farko ka tambayi kanka: idan aka karanta wannan ba daidai ba, wani abu zai shiga jikin mutum? BP, PCV da Hb bayani ne kawai, kowa a asibiti ya san su da ma'ana ɗaya, ka yi amfani da su hankali kwance. Amma da zarar alƙalaminka ya zo kan sunan magani, adadinsa, ko sau nawa za a ba shi, to ka rage gudu.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi damuwa da shi: duk harafi ko ɗigon da ke maƙale da lamba. A ɗauki dattijo mai ciwon suga da aka rubuta wa insulin 6U, wato ma'auni shida. Likita na sauri, bakin U ɗin ya rufe daga sama, nas ɗin dare ta karanta 60. Abin da ya sa wannan kuskure yake wucewa shi ne insulin na yau da kullum yana da ma'auni 100 a kowane mililita ɗaya, don haka 60 ɗin ma yana shiga sirinji lafiya lau, ba abin da zai sa hannunta ya tsaya. Bayan ɗan lokaci dattijo ya fara zufa, jiki na rawa, magana na harɗewa, masu jinya kuma su ɗauka barci ne ya ɗauke shi. Idan ba a auna sugansa an ba shi gulukos nan take ba, zai iya suma har ƙwaƙwalwa ta taɓu. Maganin duk wannan shi ne a rubuta 6 units, da fili tsakanin lambar da kalmar. Haka IU da ake rubuta wa oksitosin, ana iya karanta shi IV, wato ta jijiya, ko 10.

Ɗigo ma haka yake. Kada ka rubuta 5.0 mg, domin idan ɗigon ya faɗa kan layin takarda ya zama 50. Kada ka rubuta .5 mg, sai dai 0.5 mg. Alamar µg kuwa a rubutun hannu tana komawa mg, bambancin ninki dubu ke nan, don haka a rubuta micrograms a cike. Ba ra'ayina kaɗai ba ne: tun 2004 hukumar tantance asibitoci ta Amurka ta sa U, IU da waɗannan ɗigogi cikin jerin abubuwan da ta hana rubutawa. Ni dai ko biro mai zubar da tawada ba na yarda da shi kan takardar magani. Nawa biro mai kyau yake?

Na uku, sunan magani ba a gajarta shi, ko kana ganin kowa ya sani. A ɗakin haihuwa MgSO4 ake ba mai jijjiga, amma MSO4 mofin ne, harafi ɗaya tak ya raba su. AZT wani zai ɗauka maganin ƙanjamau ne, wani kuma ya miƙo azatiyofirin.

Na huɗu, ka tuna takardar za ta bar ɗakinku. Majiyyacin da aka turo daga Kaltungo ko Bajoga zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya zai faɗa hannun wanda bai san al'adarku ba. PID wurin likitan mata ciwon mara ne, wurin likitan ƙashi kuwa zamewar faifan baya ce. D/C na iya nufin a sallami majiyyaci ko a dakatar da magani. A takardar turawa da ta sallama ka rubuta sunan cuta a cike.

Su BD, TDS da QDS, wato sau biyu, sau uku da sau huɗu a rana, mun saba da su, ana iya barinsu idan an rubuta da manyan baƙaƙe. QD da ɗalibai ke kwasowa daga littattafan Amurka a bar shi can, domin mai ba da magani zai ɗauka QDS ne ya ba da sau huɗu a maimakon ɗaya. Idan asibitinku na da jerin da ya amince da shi, shi za ka bi. In kuma kai ne mai karantawa kuma harafi ya shige maka duhu, kada ka yi hasashe, kira wanda ya rubuta ko da ƙarfe biyun dare ne, ya soke layin ya sake rubutawa ya sa hannu.