Yadda Ake Zaɓar Ƙafar Tankin Ruwa: Ƙarfe Ko Kankare

Duk wanda zai ɗora tankin ruwa a sama ya kamata ya fara da lissafi tun kafin ya kira mai walda ko birkila. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita 1,000 kuma tan ɗaya ce cif. Saboda haka tankin roba mai cin lita 5,000, wanda mutum biyu ko uku za su iya mirginawa idan babu komai a cikinsa, yakan koma kaya mai nauyin tan biyar da zarar ya cika. Wannan girman ne za mu bi a matsayin misali har ƙarshe, a kan hasumiya mai ƙafa huɗu da tsayin mita 6.

Matakin farko shi ne a tsayar da shawara kan tsayin da ake bukata, domin kowace mita da aka ƙara tana ƙara tsada da haɗari. Ƙarfin zubar ruwa a famfo yana zuwa ne daga tazarar da ke tsakanin saman ruwan da bakin famfon, kuma girman tanki ba ya ƙara shi. Tsayin mita 10 yana ba da matsi na kusan bar ɗaya a ma'aunin matsin ruwa. Abin da za a auna shi ne tazarar da ke tsakanin gindin tanki da famfo mafi tsayi a gidan, wanda galibi kan shawa ne. Idan shawar tana mita 2 daga ƙasa, gindin tanki kuma yana mita 6, akwai rarar mita 4 ko da ruwan ya kusa ƙarewa, kuma hakan ya isa gida mara bene matuƙar bututun bai yi siriri ba.

Daga nan sai a tara nauyin duka. Ruwa kilo 5,000 ne, tankin kansa zai ɗan haura kilo 100, ƙarfen hasumiyar da dandamalinta za su iya kai kilo 600, sannan a ƙara nauyin mutumin da zai riƙa hawa domin wanki ko gyara. Jimillar ta doshi tan shida, wato kowace ƙafa za ta ɗauki tan ɗaya da rabi idan nauyin ya rabu daidai. Da wuya ya rabu daidai, domin ƙasa takan ɗan lotsa a gefe ɗaya, iska kuma takan tura kayan zuwa ƙafafu biyu, don haka ya fi dacewa a yi wa kowace ƙafa lissafin tan biyu.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren fahimta. Tan biyu ba wani abu ba ne a wurin gajeren bututun ƙarfe mai kauri, kuma ba kasafai nauyi yake murƙushe ƙafar hasumiya daga sama zuwa ƙasa ba. Abin da yake faruwa shi ne doguwar ƙafa takan lanƙwashe ta gefe, kamar yadda doguwar sanda siririya take gantsarewa idan aka danna ta daga sama, alhali guntuwarta ba za ta motsa ba. Ƙa'idar ita ce idan aka ninka tsawon ƙafar da ba a tokare ba sau biyu, nauyin da za ta iya ɗauka kafin ta lanƙwashe yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ne ya sa ake raba ƙafa mai mita 6 gida uku da ƙarafan kwance a kowace mita 2, sannan a gitta wasu ƙarafan daga kusurwa zuwa kusurwa a kowane gida, a dukkan fuskoki huɗu. Ƙarafan kwance su kaɗai ba su isa ba, domin murabba'i yana iya karkacewa ya kwanta ba tare da ko ɗaya daga cikin ƙarafansa ya karye ba, amma siffar da ke da kusurwa uku ba ta karkacewa. Idan mai walda ya ce za a bar fuska ɗaya babu gicciye domin a samu wurin ajiye kaya a ƙarƙashi, kada a yarda sai injiniya ya nuna abin da zai maye gurbinsa.

Iska ma tana da nata lissafin, kuma abin da zai ba mutum mamaki shi ne ta fi yin barazana lokacin da tankin yake wayam. Guguwa mai gudun mita 30 a daƙiƙa tana tura kowace murabba'in mita da ƙarfin da ya kai kusan kilo 55. Tankin misalinmu yana da faɗin kusan mita 2 da tsayin kusan mita 2, don haka turin zai iya kai kilo 200, kuma yana faɗa wa tankin ne a tsayin mita 7 daga ƙasa. Idan tazarar ƙafafu mita 2 ce, wannan turin yana neman tumɓuke ƙafafu biyun da ke fuskantar iska da ƙarfin kilo 700, wato kilo 350 ga kowace, alhali nauyin hasumiyar da tanki mara ruwa bai fi kilo 180 a kan kowace ƙafa ba. Hasumiyar da aka ajiye kawai a kan daɓe za ta iya kifewa ke nan. Maganin shi ne a ɗaure kowace ƙafa da harsashi mai nauyi, a kuma ɗaure tankin da dandamali ko a kewaye shi da shingen ƙarfe.

Harsashin yana da aiki biyu, ya baza nauyi a kan ƙasa, ya kuma riƙe ƙafar kada ta tashi. A haƙa rami a wuce ƙasar sama mai laushi da duk ƙasar da aka yi ciko da ita, har sai an tarar da ƙasa mai tauri wadda ba a taɓa tonawa ba. Kankare mai faɗin santimita 80 a kowane gefe da kaurin santimita 50 yana da nauyin kusan kilo 770, tun da kowace mita kubik ta kankare kilo 2,400 ce, kuma wannan ya ninka ƙarfin tumɓukewar da muka lissafa. Yana kuma raba kayan a kan ƙasa ta yadda kowace murabba'in mita ba za ta ɗauki fiye da tan huɗu da rabi ba, abin da ƙasa mai tauri take ɗauka ba tare da matsala ba. A nisanci bakin rijiya, tsohon rami da masai, sannan a kai bututun ambaliyar tankin nesa, domin ruwan da yake zuba a gindin ƙafa ɗaya kullum zai tausasa ƙasarta ita kaɗai, hasumiyar ta fara jirkicewa.

Yanzu ne za a iya zaɓa tsakanin ƙarfe da kankare. Ƙarfe ba shi da nauyi, ana gama shi cikin 'yan kwanaki, ana iya kwance shi a kai wani wuri idan da noti aka haɗa shi, kuma galibin aibinsa a fili yake ga mai dubawa. Ga misalinmu, bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 75 a kowane gefe da kaurin jiki milimita 4, ya wadatar idan an tokare shi kamar yadda aka bayyana. A auna kaurin jikin da ma'auni tun a wurin saye, domin bututu mai milimita 2 da mai milimita 4 kamarsu ɗaya daga waje. Kowace ƙafa ta zauna a kan faifan ƙarfe mai kaurin milimita 10 zuwa 12, a ɗaure shi da dogayen notuka da aka binne a cikin kankaren tun yana ɗanye, kuma saman harsashin ya ɗara ƙasa da kamar santimita 15 domin kada ƙafar ta zauna cikin laima. Waldar ta zagaye mahaɗa gaba ɗaya, ba ɗigo-ɗigo ba. Babban abokin gabar ƙarfe tsatsa ce, wadda takan fara daga gindin ƙafa, wani lokaci ma daga cikin bututun inda ido ba ya gani, don haka a toshe saman kowace ƙafa, a huda ƙaramar kafa a ƙasa domin ruwa ya fita, a shafa fentin hana tsatsa kafin fentin sama. A bakin teku, inda iska take ɗauke da gishiri, ƙarfen da aka tsoma a tutiya ne kawai ya cancanci a yi la'akari da shi.

Kankare ba ya bukatar fenti, yana jure laima, nauyinsa kuma yana hana iska girgiza shi, amma wannan nauyin ne babban abin lura. Ginshiƙai huɗu masu milimita 225 a kowane gefe da tsayin mita 6 sun kusa tan uku, dandamali mai faɗin mita 2.4 da kaurin santimita 15 ya kai tan biyu, bim ɗin da za su ɗaure ginshiƙan a tsakiya da a sama za su ƙara fiye da tan ɗaya. Hasumiyar ita kaɗai ta fi ruwan nauyi, kuma kayan da ƙasa za ta ɗauka ya tashi daga tan shida zuwa sama da goma sha ɗaya, don haka dole harsashin ya ƙara faɗi sosai. Aibin kankare kuma ɓoyayye ne. Idan an cika ruwa a kwaɓi, ko an rage siminti, ko rodi ya matso jikin katako, ba za a gani ba sai bayan shekaru. A tabbatar kankare ya lulluɓe rodi da aƙalla santimita 4, a riƙa jiƙa shi kullum na aƙalla kwana 7, kuma kada a cika tankin sai bayan kwana 28, lokacin da ake ɗauka ƙarfinsa ya kai yadda aka tsara. Bulo da aka jera ba tare da ginshiƙi mai rodi ba bai dace da irin wannan tsayin ba ko kaɗan.

A ganina, ga tankin roba da bai wuce lita 5,000 ba a kan doguwar hasumiya, ƙarfe ya fi dacewa, musamman inda ƙasa ba ta da ƙarfi sosai. Kankare ya fi cancanta idan hasumiyar gajera ce, ko tankin babba ne ƙwarai, ko wurin mai laima ne da ba za a samu mai sabunta fenti ba. Ko wanne aka zaɓa, hasumiyar da za ta tsaya kusa da inda mutane suke kwana ko wucewa tana bukatar injiniyan gini ya duba ƙasar ya kuma tabbatar da girman ƙarfe ko rodi, domin alƙaluman da ke nan na misali ɗaya ne kawai.

Dandamalin kuwa dole ne ya tallafi gindin tankin roba gaba ɗaya. Idan aka ɗora shi a kan ƙarafa uku ko huɗu masu tazara, robar za ta riƙa lotsawa a tsakaninsu har ta tsage. A shimfiɗa faifan ƙarfe ko katako mai kauri a jere ba tare da giɓi ba, a kuma share duk tsakuwa da tsinin walda kafin a ɗora tankin.

Ranar cikawa ta farko, a rataya igiya mai nauyi a ƙarshenta daga saman ƙafa ɗaya, a auna tazararta da gindin ƙafar, a rubuta. A zuba ruwa zuwa rubu'i a sake aunawa, haka a rabi, haka kuma idan ya cika, ba tare da kowa ya tsaya a ƙarƙashi ba. Idan tazarar tana canzawa, ko an ji ƙarar ƙarfe, ko an ga tsaga a walda ko a mahaɗar ginshiƙi da bim, a tsayar da famfo a zubar da ruwan nan take. A maimaita wannan awon bayan ruwan sama mai yawa na farko, sannan sau ɗaya a shekara, tare da ƙwanƙwasa gindin ƙafafun ƙarfe da guduma domin a ji ko tsatsa ta cinye su, ko duba jikin kankare domin a ga ko akwai jan tabo da ɓamɓarewa a kan layin rodi.