Yadda mai amfani da keken guragu zai auna nauyinsa ya kuma rage ƙiba ba tare da ya cutu ba

Yawancin masu zama a keke ba daga sikeli suke fara gane sun ƙara jiki ba. Sai dai mutum ya ji gefen keken ya fara matse masa ƙugu, ko tashi daga gado zuwa keke ya fara cinye masa ƙarfi, kafaɗa tana ciwo. Dalilin ƙarin kuwa ba lallai cin abinci ne ya ƙaru ba. Tsokar cinya da ta ɗuwawu su ne mafi girma a jiki, su suka fi ƙona abin da aka ci. Idan suka daina aiki saboda raunin laka, shan inna ko shanyewar ɓarin jiki, sai su rame, buƙatar jiki ta ragu, amma kwanon abinci yana nan yadda yake. Rarar nan ce ke zama kitse.

Mataki na farko shi ne samun nauyi na gaskiya. A nemi sikeli mai faɗi wanda keke zai iya hawa, irin na asibiti ko wurin gashin ƙashi. Ka hau da kekenka a rubuta lambar. Sannan ka koma gado ko kujera, a ɗora keken shi kaɗai, da matashinsa da duk abin da ke maƙale da shi lokacin awon farko. A cire na biyu daga na farko. Rubuta nauyin keken a takarda ka ajiye, gaba ba sai ka sake sauka ba, muddin ba ka canza matashi ko taya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne jaka: yau an auna da jaka da gorar ruwa a bayan keke, wata mai zuwa babu su, sai mutum ya yi murnar kilo biyu da bai rage ba. Ban goyi bayan wani ya ɗauki babban mutum ya hau sikelin gida da shi ba, domin faɗuwa ɗaya ta isa ta karya ƙashin ƙafar da ta daɗe ba ta taka ƙasa ba.

A riƙa awon a yanayi iri ɗaya: da safe, kafin cin abinci, bayan an yi fitsari da bayan gida, da kaya marasa nauyi. Kumburin ƙafa da taurin bayan gida kaɗai suna iya ɗaga lambar da kilo guda ko fiye. Awo sau ɗaya a wata ya wadatar.

Wanda sikeli ya yi masa nisa, tef ɗin awo na tela zai yi masa aiki, ni a ganina ma ya fi sikeli faɗin gaskiya. Amma kada a auna ciki a zaune, don zama yana turo ciki gaba, musamman ga wanda tsokar cikinsa ta saki. Kwanta rigingine, a zagaya tef tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ka saki numfashi a hankali, sannan a karanta. Tef ya kwanta a kan fata ba tare da ya nutse ba. A auna sau biyu, kuma mutum ɗaya ya riƙa yi kullum. Cikin da ya kai santimita 94 alama ce ta a tashi tsaye kan lamarin, ko da sikeli bai nuna wani abin tsoro ba.

A nan ne lissafin BMI, wanda ake haɗa tsawo da nauyi, yake yaudara. Bai san bambancin tsoka da kitse ba. Ga mai tafiya da ƙafa, sai lambar ta kai 30 ake cewa ƙiba ce. Ga mai raunin laka kuwa, masu bincike sun ba da shawarar a fara damuwa tun daga 22, saboda tsoka ta tafi, kitse ya maye gurbinta, nauyi bai motsa ba. Wanda aka yanke wa ƙafa ma haka: daga gwiwa zuwa ƙasa kusan kashi 6 cikin 100 ne na nauyin jiki, ƙafa baki ɗaya kusan kashi 16, dole a saka wannan a lissafi.

Mu ɗauki misali. Mutum ne mai tsawon santimita 170, ƙafafunsa biyu sun shanye, hannuwansa lafiya lau. Shi da keke kilo 101, keke kaɗai 17, ke nan nauyinsa 84. Cikinsa a kwance santimita 104. Burinsa ya koma kilo 68 da yake kafin rauni, cikin wata uku. Wannan buri ne da zai karya masa gwiwa tun watan farko. Abin da zai yiwu shi ne kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 4, cikin wata huɗu zuwa shida. Kilo huɗu kamar ba komai ba ne, amma ka tuna kafaɗunsa ne ke ɗaga wannan jiki duk lokacin da zai koma gado, banɗaki ko mota, sau da yawa a yini.

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kilo ɗaya na kitse kuwa kusan kalori 7,700 ne. In ya rage kalori 250 a kullum, a mako ya rage 1,750, kusan kwatan kilo. Gwangwanin lemo mai sukari ɗaya yana da kalori wajen 140, babban cokalin mai ɗaya wajen 120. Barin waɗannan biyun kaɗai ya cika lissafin, bai tsallake abinci ko sau ɗaya ba. Ƙwai, kifi, wake da nama marar kitse su tsaya yadda suke, domin fata da ragowar tsoka da furotin suke rayuwa. Ganye da ruwa ma kada a taɓa su, hanji da mafitsara na buƙatarsu.

Motsa jiki yana taimaka wa zuciya da sukarin jini, amma hannu ba ya ƙona abin da ƙafa ke ƙonawa, don haka yawancin ragin daga abinci zai fito. Ƙa'idar da aka fitar wa masu raunin laka a 2018 ta ce minti 20 na motsi mai sa haki sau biyu a mako, da atisayen ƙarfi sau biyu, in ana son amfanin zuciya a kai minti 30 sau uku. A fi ba da ƙarfi ga ja, kamar jan robar atisaye zuwa ƙirji, tun da tura keke ya riga ya gajiyar da gaban kafaɗa.

Akwai lokacin da bai kamata a rage abinci ba sam. In akwai gyambon kwanciya, jiki na buƙatar ƙarin abinci don ya warke, a jira ya rufe tukuna. Mai shan maganin ciwon sukari ya fara magana da likita, kada sukarinsa ya faɗi. Wasu magungunan ciwon jijiya suna ƙara jiki, a tambayi likita ko akwai madadi, kada a daina sha da ka. Kuma yayin da jiki ke raguwa, ƙashin zama yana ƙara fitowa, sai a riƙa duba fatar ɗuwawu da madubi safe da yamma. Tabon da ya yi ja ko ya yi duhu, bai koma daidai ba bayan rabin awa da sauka daga kansa, yana nufin matashin keken bai dace da sabon jikin ba, a kai a gyara kafin fata ta fashe.

In wata biyu suka wuce sikeli bai motsa ba amma tef ya sauka daga 104 zuwa 101, mutumin da muka yi misali da shi ya ci gaba da abin da yake yi. In duka biyun sun tsaya, ya rubuta duk abin da ya ci ya sha na kwana uku, har da ranar hutu, ya nemi kalori 100 da zai ƙara cirewa.