Darasi na 9: Neman izinin fashin kwana ɗaya saboda suna

Suna ba irin rasuwa ba ne da ke zuwa bagatatan. Tun ranar da aka haihu kowa ya san ranar suna, in an haihu Talata toh suna Talata mai zuwa ne, kin ga kenan kina da mako guda cur na sanar da malama. Shi ya sa malamai ba su cika jin daɗin mai zuwa ana gobe suna ta ce ai gobe ba za ta samu zuwa ba, balle wadda sai an kira sunanta a rajista sannan ƙawarta ta ɗaga hannu ta ce "ta tafi suna". A wannan darasin za mu bi takardar Hauwa'u, mai koyon ɗinki a wata cibiyar koyon sana'a a Jekadafari cikin garin Gombe. Yayarta ce ta haihu a Kumo.

Kafin ta ɗauki biro sai da ta buga waya gida ta tabbatar da ranar. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, don in haihuwar dare ce wani lokaci ana samun saɓani wajen ƙirga kwanakin, wani gidan kuma su kan ɗaga taron mata zuwa Asabar ko Lahadi duk da an raɗa suna a ranarsa. In taron ya faɗa ranar da babu aji ai shikenan, ba sai kin nemi komai ba. Na Hauwa'u dai an ce mata Talata ne, raɗin suna da taro duk rana ɗaya. Ga abin da ta rubuta washegarin haihuwar:

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Malama Shugabar Cibiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya.

Ni ce Hauwa'u, ɗalibarki ta ajin ɗinki na safe. Allah ya sauki yayata lafiya jiya Talata a Kumo, za a yi suna ranar Talata 14 ga wata. Ina neman alfarmar ki ba ni izinin rashin zuwa aji a wannan rana ɗaya. In Allah ya yarda zan dawo ranar Laraba 15 ga wata a kan lokaci. Na yi magana da abokiyar kekena za ta nuna mini abin da aka koya, kuma zan kawo aikin ki duba.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarki,
Hauwa'u

Ku sake karantawa a hankali, ku lura da wurin da ta ce "ina neman alfarmar ki ba ni izini". Nan ne ladabin yake. Da yawanmu abin da muke rubutawa shi ne "Malama ba zan zo ran Talata ba akwai suna a gidanmu", kuma wallahi ba da niyyar raini ba, haka dai maganar take fitowa, amma mai karantawa abin da za ta ji shi ne kin riga kin yanke hukunci, sanarwa kawai kike mata. Ladabi ba tara kirari ba ne. Za ki iya cika rabin shafi da "ranki ya daɗe" da "uwa ma ba da mama" amma in babu kalmar roƙo ɗaya a ciki ba ki nemi izini ba. Gaisuwa layi ɗaya ta isa, sai ki shiga magana.

Sai kuma dangantaka. Hauwa'u ta ce "yayata", ba ta ce "'yar uwata" ba. A wajenmu ai kowa ɗan uwa ne, har maƙwabciyar da kuka taso tare, kuma malama ta san unguwa ɗaya ana iya yin suna uku a mako, in za ta sallami kowa saboda kowane suna ajin zai zama kango. In ƙanwarki ce ki ce ƙanwata, in matar wanki ce ki faɗa, in kishiyarki ce ma ki faɗa don kowa ya san gida ɗaya kuke, girki da karɓar baƙi a kanki suke. Faɗin garin shi ma yana da amfani: da ta ga Kumo ta san akwai shiga mota, ba abin da za a leƙa a dawo kafin a tashi daga aji ba ne. Kada dai ki mayar da suna rashin lafiya don kina ganin an fi saurin tausaya wa mara lafiya, ran Laraba lallen hannunki ne zai fara tona ki.

Ranar ma ku duba yadda ta rubuta, sunan rana da lamba tare. "Jibi" ko "mako mai zuwa" ba sa aiki a takarda, don ba ki san ranar da za a buɗe ta ba. Kuma ta faɗi ranar dawowa, wanda shi ne abin da aka fi mantawa, ga shi kuwa shi malama ta fi nema, saboda ta sha ganin wadda ta nemi kwana ɗaya ta tsaya wanke-wanke da sallamar baƙi sai Litinin aka gan ta.

Maganar abokiyar keke kuwa, a irin cibiyoyin da keke bai wadata ba mutum biyu ko uku ke haɗa keke ɗaya, kuma darasin ɗinki a jere yake tafiya, in ranar aka koya saka zif ko yankan hannun riga ba ki nan toh za a wuce ki. Nuna cewa kin yi tanadin ramawa yana sauƙaƙa wa malama cewa to. Amma ki tambayi abokiyar taki tukuna, kar ki sa ta a takarda ba ta sani ba.

Maza ku naku da ɗan bambanci. Raɗin suna da sassafe ake yi, a yi addu'a a raba goro da dabino a watse, don haka in cikin gari ne, a ce Pantami ko Bolari, kuma ba kai ne angon ƙarni ba, abin da ya fi shi ne ka nemi izinin makara, ka ce za ka iso ƙarfe 10. Uban jariri shi kam ga yankan rago ga wanzami ga baƙi, ya nemi yinin gaba ɗaya ba laifi.

Takardar da hannunki za ki miƙa, bayan an tashi daga aji ba ana tsakiyar darasi ba, ki gaisa ki miƙa da hannu biyu ki ɗan tsaya. Kar ki ɗauka shiru amsa ce, in har Juma'a ba ta ce komai ba ki tuna mata da "Malama dan Allah maganar takardar nan". In ta ce ranar akwai gwaji ba zai yiwu ba, kar ki ɓata rai a gabanta, ki tambaya ko za ki iya yin gwajin da wuri ki wuce, tunda taron mata sai bayan azahar yake cika. Cincin da alawar suna kuma ki bari sai kin dawo ki kawo wa aji, in kika haɗa su da takarda sai abin ya yi kama da toshiyar baki.

Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna ta faɗa da baki wata ta rubuta mata, a karanta mata ta ji, sannan ta rubuta sunanta da kanta a ƙasa.

Aikin gida: a ce matar ƙaninki ta haihu ranar Alhamis 6 ga wata a Dukku. Nemo ranar suna da ranar da za ki dawo aji, ki tuna ba a zuwa Asabar da Lahadi, sannan ki rubuta takardarki kada ta wuce layi takwas. Ki zo da ita darasi na gaba za mu karanta wa juna.